Waiwaye: Abin da bincike ya gano kan asalin sha'awar jinsi, da inda ya tsaya

Duk lokacin da maganar masu sha'awar jinsinsu ta taso, sai mutane su rabu gida biyu. Wasu su ce haka aka haife su kuma kimiyya ta tabbatar, wasu su ce tarbiyya ce da abokan zama. Kowane ɓangare yana magana kamar jiya aka fara binciken kuma an gama shi. An shafe fiye da shekara 60 ana wannan aiki, kuma sakamakon da ya fi jure wa gwaji ba shi ne wanda ya fi yawo a bakin jama'a ba.

A 1959 wasu masana a Jami'ar Kansas ta Amurka, cikinsu har da Charles Phoenix da William Young, sun ba wasu ƙananan dabbobi dangin ɓera sinadarin testostiron suna ɗauke da ciki. 'Ya'ya matan da suka haifa, da suka girma, sai suka riƙa nuna halayyar barbara irin ta maza. Daga nan aka samo tunanin cewa homon, wato sinadari irin testostiron da jiki ke samarwa ya saki cikin jini, yana tsara ƙwaƙwalwa tun a ciki, tsarin da ke zama har girma. A wajen mutane, gwajin jinin manya bai nuna wani bambanci tabbatacce tsakanin maza masu sha'awar maza da sauran maza ba, kuma ƙara wa namiji testostiron yana iya ƙara ƙarfin sha'awarsa amma ba ya sauya mata alkibla. Shaidar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga matan da aka haifa da wata lalura mai suna CAH, wadda ke sa jikin jaririya ya samar da homon na maza fiye da kima tun tana ciki. Sha'awar mata 'yan'uwansu ta fi yawa a cikinsu idan aka kwatanta da sauran mata, duk da haka mafi yawansu maza suke sha'awa.

Shekarun 1990 ne suka cika jaridu. A 1991 Simon LeVay ya duba ƙwaƙwalwar mamata 41, ya ce wani ɗan gungu mai suna INAH3 ya fi ƙanƙanta a maza masu sha'awar maza, sai dai da yawa daga cikin mamatan cutar ƙanjamau ce ta kashe su, kuma binciken gawa ba ya faɗin abin da ya riga wani. A 1993 Dean Hamer ya duba 'yan'uwa maza biyu-biyu guda 40, dukansu masu sha'awar maza, ya samu 33 sun yi tarayya a wani yanki da ake kira Xq28 na kuromosom X, ɗaya daga cikin zaruruwan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado. Aka yi ta yayata cewa an gano ƙwayar gadon. A 1999 wani bincike a Kanada bai samu haka ba. A 2019 aka yi babban aikin da Andrea Ganna ya jagoranta a kan mutum kusan 477,000, aka samu wurare 5 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da yin tarayya da jinsi ɗaya, amma tasirinsu gaba ɗaya bai kai kashi 1 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane ba. Idan aka haɗa dukkan ƙananan bambance-bambancen gado da aka auna, an ƙiyasta kashi 8 zuwa 25. Ba za a iya duban jinin mutum a faɗi wanda zai so ba.

Binciken tagwaye ya riga ya nuna haka. Wani aiki da aka yi da rajistar tagwayen Siwidin, wanda aka wallafa a 2010, ya ƙiyasta rabon gado a maza da kusan kashi ɗaya cikin uku, a mata kuma ƙasa da haka. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne ragowar. A maza, abubuwan da tagwaye suka yi tarayya a kansu, wato gida ɗaya da iyaye ɗaya, ba su nuna wani tasiri ba. Kaso mafi girma ya faɗa ne kan abin da ya shafi kowane ɗaya shi kaɗai, kuma a lissafin masana wannan ya haɗa da abin da ya faru a mahaifa. To me ke faruwa a can?

A ganina nan ne aka yi wa tarihin ƙwauron baki. A 1996, ana tsakiyar hayaniyar Xq28, Ray Blanchard da Anthony Bogaert na Kanada suka fitar da wani bincike da ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Sun tambayi maza 302 masu sha'awar maza da wasu 302 masu sha'awar mata game da 'yan'uwansu na haihuwa: yayye nawa, ƙanne nawa, maza nawa, mata nawa. Tun 1962 wani likita a Ingila, Eliot Slater, ya lura cewa irin waɗannan maza sukan zo daga baya a jerin haihuwa, amma ba a rarrabe dalili ba. Blanchard da Bogaert suka rarrabe. Yawan yayye maza ne ya bambanta rukunan biyu. Ƙanne, maza ko mata, ba su nuna komai ba. Suka ƙiyasta cewa kowane wa namiji yana ƙara yiwuwar da kusan kashi 33 cikin 100.

Wannan adadi yana ruɗar mutane, don haka mu bi shi a hankali. Ƙarin yana kan abin da ake da shi ne tun farko. A ɗauka cewa a cikin mazan da ba su da wa, 2 cikin 100 ne ke sha'awar maza. Mai wa ɗaya, yiwuwarsa ta koma kusan 2.6. Mai yayye maza biyu, kusan 3.5. Mai uku, 4.6. Mai huɗu, kusan 6 cikin 100. Ke nan ko a cikin mazan da yayye maza huɗu suka riga su, 94 cikin 100 mata suke sha'awa. Ina jaddada wannan domin kada wani ya karanta ya fara yi wa ɗan autan gidansu kallon zargi, alhali alƙaluman ba su ba shi wannan dama ba. Wani lissafi na 2002 ya nuna cewa wannan tasiri zai iya bayyana kusan mutum ɗaya ne cikin bakwai na maza masu sha'awar maza. Sauran shidan, ciki har da 'ya'yan fari masu yawa, suna da wasu dalilai.

Tambayar da kowa zai yi ita ce, ko zama da yayye ne ya jawo? Wataƙila yaron da ya tashi cikin maza manya ya sha bamban ta wajen wasa, ko kulawar iyaye, ko wani abu da ya same shi. Bogaert ya gwada wannan a 2006 da maza 944, cikinsu akwai waɗanda aka ɗauka riƙo da waɗanda suka tashi tare da 'ya'yan da ba uwarsu ɗaya ba. Idan zaman tare ne sila, ya kamata yayyen da aka tashi da su su yi tasiri ko da ba a haɗa jini ba, kuma tasirin ya ƙaru da yawan shekarun zama. Ba haka aka gani ba. Yayye mazan da aka haɗa uwa da su ne suka yi tasiri, ko an tashi tare ko ba a taɓa zama gida ɗaya ba. Abin da ke tsakanin yaro da wan da bai taɓa zama da shi ba shi ne cikin da suka fito.

Daga nan hasashen garkuwar jikin uwa ya samu ƙarfi. Ɗa namiji yana da kuromosom Y, uwa ba ta da shi, saboda haka akwai wasu furotin a jikinsa da jikinta bai sani ba. Lokacin ciki da haihuwa, ƙwayoyin jikin jariri kan shiga jinin uwa, garkuwarta ta gane su a matsayin baƙi, ta samar da makaman yaƙarsu. Kowane cikin namiji na gaba yana iya ƙara ƙarfin wannan martani, makaman kuma suna iya ratsa mabiyiya su kai ga ƙwaƙwalwar jaririn da ke tsiro. Likitoci sun daɗe da sanin makamancin wannan a matsalar saɓanin jini ta Rhesus, inda ɗan fari kan tsira amma na baya su shiga haɗari. A 2018 Bogaert da abokan aikinsa suka auna jinin iyaye mata, suka samu cewa waɗanda ke da 'ya'ya maza masu sha'awar maza, musamman masu yayye maza, sun fi yawan makaman garkuwa a kan wani furotin mai suna NLGN4Y, wanda ke da hannu a yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da juna.

Wannan sakamako yana da rauni da ya kamata a faɗa. Matan da aka auna ba su kai 150 ba, kuma an ɗebi jininsu ne shekaru masu yawa bayan haihuwar, ba lokacin da suke da cikin ba. Babu wanda ya nuna kai tsaye cewa makaman sun isa ƙwaƙwalwar jariri sun sauya wani abu. Sannan a 2022 wani bincike da ya yi amfani da rajistar mutum kusan miliyan 9 a ƙasar Holan ya sake samun tasirin yayye maza, amma ya same shi har a wajen mata. Wannan ya dagula bayanin, domin jaririya ba ta da kuromosom Y da garkuwar uwa za ta kai wa hari. Akwai kuma masana lissafi da suka soki hanyar da tsofaffin binciken suka bi wajen raba tasirin yayye da na yawan 'ya'yan gida, suna ganin an zuzuta girman abin.

Giɓin da ya rage babba ne. An fi yin binciken a kan maza, sai labarin mata ya zama ƙarami, alhali shaidu suna nuna hanyarsu ta bambanta. Mafi yawan waɗanda aka auna gadonsu Turawa ne. Aikin 2019 ya dogara ne da tambayar ko mutum ya taɓa tarayya da jinsinsa ko sau ɗaya, wanda ya haɗa mai yi sau ɗaya da wanda bai taɓa sha'awar wani jinsi ba a rukuni guda, ga kuma waɗanda tsoro ya hana su faɗin gaskiya. Har yanzu ba a san abin da ya sa tagwaye biyu masu gado iri ɗaya, da suka kwanta a ciki ɗaya, suke bambanta a mafi yawan lokutan da ɗayansu ke sha'awar jinsinsa ba. Kuma awon jini ko ƙwaƙwalwa ba ya yanke hukunci kan halal da haram ko kan doka, wannan fage ne na daban.

Abin da zai warware batun garkuwar uwa sananne ne: a ɗebi jinin dubban mata suna da ciki, a adana, a jira 'ya'yan su girma, sannan a tambaye su a kwatanta. Irin wannan aiki yana cin aƙalla shekara 20, kuma sai da yardar iyayen da ta 'ya'yan za a iya yin sa.