Waiwaye: yadda layin ƙarshe na matakala ya zama alƙalin lissafi

Dabarar share ɓoyayyun lambobi ɗaya bayan ɗaya daga jerin daidaito, wato lissafai da dama da ake warwarewa tare, ta girmi masanin lissafi Gauss, wanda ake kiranta da sunansa, da kusan shekara dubu biyu. Amma tambayar da ɗalibi ke fara yi a yau, wato ko amsar ɗaya ce, ko babu, ko ba ta da iyaka, ba ta samu tsayayyar ƙa'ida ba sai a ƙarni na 19.

A ƙasar Sin, zamanin daular Han, aka harhaɗa littafin nan na Babi Tara kan fasahar lissafi, wanda Liu Hui ya yi wa sharhi a shekarar 263. Babi na takwas yana da matsaloli 18, ta farko kuwa ta hatsi ce. Dami 3 na mai kyau da 2 na matsakaici da 1 na maras kyau sun ba da awo 39. Dami 2 da 3 da 1 sun ba da 34, sai 1 da 2 da 3 suka ba da 26. Nawa dami ɗaya na kowane iri ke bayarwa? Sinawan a tsaye suke jera kowane daidaito da ƴan sanduna a kan allo, mu kuwa a kwance muke rubuta shi:

```
3  2  1 | 39
2  3  1 | 34
1  2  3 | 26
```

Abu uku kaɗai aka yarda a yi wa layi: a musanya shi da wani, a ninka shi da lambar da ba sifili ba, ko a ɗebe masa ninkin wani layin. Dalilin yarda da su shi ne kowanne ana iya warware shi a koma baya, don haka ba a zubar da amsa, ba a kuma shigo da baƙuwa. Ninka layi da sifili kuwa shafe bayani ne da ba ya dawowa.

A ninka layi na biyu da 3 a ɗebe na farko sau biyu, sai a samu 0, 5, 1, 24. A ninka na uku da 3 a ɗebe na farko, a samu 0, 4, 8, 39. Wannan kuma a ninka shi da 5 a ɗebe sabon layi na biyu sau huɗu:

```
3  2   1 | 39
0  5   1 | 24
0  0  36 | 99
```

Ga matakala ta fito. Lambar farko da ba sifili ba a kowane layi, wadda za mu kira jagora, tana hannun dama da ta layin sama. Jagorori uku ne, ɓoyayyun lambobi ma uku, to amsa ɗaya ce tak. In x, y da z su ne awon dami ɗaya na mai kyau, matsakaici da maras kyau, daga ƙasa ake hawa: z = 99/36 = 2¾, sai y = 4¼, sai x = 9¼, daidai da abin da tsohon littafin ya bayar.

Matsalolin babin kusan duka an tsara su ne don su faɗo a kan amsa ɗaya. Ta 13 ce ta fita daban: gidaje biyar sun haɗa rijiya, ana neman tsawon igiyar kowane gida da zurfin rijiyar, wato ɓoyayyu shida a daidaito biyar. Littafin ya ce zurfin 721 ne, igiyoyin kuma 265, 191, 148, 129 da 76. Amsar daidai ce, sai dai in ka ninka lambobin nan shida da kowace lamba za su ci gaba da dacewa. An ci karo da amsa maras iyaka ke nan, aka zaɓi guda aka wuce.

A Turai, Newton ya bayyana share ɓoyayyu a darussansa na aljabara da aka buga a 1707. Gauss da kansa ya ɗauke ta sananniyar dabara ce. Abin da ya ƙara a 1810, yayin ƙididdige falakin Pallas, wani dutsen sararin samaniya mai zagaya rana, da ɓoyayyu shida, shi ne tsararren rubutu da mai lissafi da hannu zai bi ba tare da ya ɓata ba. Irin daidaiton da yake warwarewa, muddin awon sararin samaniya ya wadata, amsa ɗaya yake bayarwa, don haka layin sifili, wato layin da lambobinsa suka share duka, bai zame masa damuwar yau da kullum ba. Cramer ma, a ƙa'idarsa ta 1750, yana buƙatar yawan daidaito ya zo ɗaya da yawan ɓoyayyu, kuma da zarar lambar da ake rabawa da ita ta zama sifili ƙa'idar ta yi shiru: ba ta bambanta rashin amsa da yawan amsa.

Wannan giɓin ne Rouché ya cike a 1875, Frobenius ya raɗa wa adadin da ke hukunci suna a 1879, Capelli kuma ya tsara maganar yadda ake koyar da ita a yau. A harshen matakala, adadin nan yawan jagorori ne kawai.

Mu gwada a kan hatsin. A maye daidaito na uku da 5x + 5y + 2z = 73. Ninka shi da 3 a ɗebe na farko sau biyar zai ba da 0, 5, 1, 24, wato layi na biyu sak. Da an ɗebe, sai layin ya zama

```
0  0  0 | 0
```

Daidaito na uku ashe jimlar na farko da na biyu ne, bai zo da sabon labari ba. Jagorori biyu suka rage ga ɓoyayyu uku, ginshiƙin z ba shi da jagora, don haka z yana iya zama kowace lamba. In z = t, to y = (24 − t)/5, x = (49 − t)/5. Sa t = 4 ka samu 9, 4, 4; sa t = 9 ka samu 8, 3, 9. Duka sun dace da layukan uku.

Yanzu a taɓa lamba ɗaya kacal, 73 ta zama 74. Matakan nan dai za su kai ga

```
0  0  0 | 3
```

wato 0 = 3. Jagora ta faɗa bayan sanda, a ginshiƙin sakamako, kuma babu x, y, z da za su sa sifili ya zama uku. Babu amsa. Shi ya sa wannan layin ake fara dubawa kafin a ƙirga komai: ko da akwai ginshiƙai goma marasa jagora, layi ɗaya irin wannan ya rushe zancen.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar kowane layin sifili a matsayin shaidar amsa maras iyaka. Ba haka ba ne. In ka ƙara 5x + 5y + 2z = 73 a matsayin layi na huɗu a kan matsalar asali, zai share ya zama sifili duka, amma jagorori uku suna nan ga ɓoyayyu uku, amsar tana nan ɗaya. Jagorori ake ƙirgawa a gwada da ɓoyayyu, ba layuka ba. Haka kuma sifili a gurbin jagora tsakiyar aiki ba hukunci ba ne. A duba ƙasa a ginshiƙin, in akwai lamba a musanya layi, in babu a matsa dama.

Zuwan kwamfuta ya sake tayar da maganar. A 1943 Hotelling ya yi fargabar cewa kurakuran taƙaita lamba za su yi ta ninkuwa har su lalata amsa. Von Neumann da Goldstine a 1947, Turing a 1948, sannan Wilkinson a 1961, suka nuna dabarar tana da ƙwari a aikace, musamman in ana ɗauko lamba mafi girma a ginshiƙi a mai da ita jagora. Amma karanta layin ƙarshe bai tsira ba. Na'ura ba ta riƙe 1/3 cif, don haka inda ya kamata a ga sifili sai a ga saura kamar 10⁻¹⁶, ta ɗauke shi jagora, ta raba da shi, ta fito da amsa ɗaya ga matsalar da ba ta da amsa ko take da maras iyaka. Alamar wannan kuskure ita ce jagora ƴar mitsitsiya idan aka gwada da sauran lambobin jadawalin, da amsa mai girman da ba ya kama hankali. Idan lambobin cikakku ne kuma jadawalin ƙarami, hanyar masu sanduna ta ninkawa da ɗebewa ba tare da rabawa ba ta fi aminci, domin a cikinta sifilin da ya fito sifili ne na gaske.