Takardar cikin kwalin Metformin: me zan gaya wa Hajiya?

Mahaifiyata tana Daura, ta haura shekara 70, an ɗora ta kan maganin suga, Metformin 500mg. Takardar cikin kwalin doguwa ce, ga ta da Turanci. Me zan tsinto mata?

'Yar'uwa, fara da adadin da za ta sha, amma kada ki ɗauko shi daga takardar. Abin da ke ciki na baligai ne gaba ɗaya, ƙwaya ɗaya sau 2 ko 3 a rana. Maganin nan ta ƙoda yake fita, ƙodar tsoho kuwa ta rage ƙarfi, shi ya sa likita kan rage wa wasu. Abin da aka rubuta mata a asibiti shi ne nata.

In sau biyu aka rubuta, ki ɗaura shi a kan abincinta: "Hajiya, ƙwaya ɗaya in kin gama koko da ƙosai, ɗaya bayan tuwon dare." Da abinci ake shan sa ko bayansa, don ya fi sauƙi a ciki. In ta manta, kada ta haɗa biyu. In kuma kin ga SR ko XR a kwalin, wato mai narkewa a hankali a ciki, ba a dakawa, ba a taunawa.

Illolin fa? Ina tsoron in karanta mata duka ta ƙi sha.

Kada ki karanta duka, kada kuma ki ɓoye. Takardar ta jera su gwargwadon yawan faruwa. Na sama su ne tashin zuciya, zawo, ciwon ciki da rashin son abinci, suna samun fiye da mutum 1 cikin 10, galibi a farkon sha, kuma sukan lafa. Ki faɗa mata tun kafin su zo. Tsohuwar da aka riga aka gaya wa takan daure. Wadda abin ya zo wa ba zato sai ta tura kwalin ƙarƙashin filo, ba wanda ya sani.

Wane gargaɗi ne ba zan bari ba?

Na ƙarewar ruwan jiki, nan ne mai taƙaita takardar ya fi yin ɓarna. Zawo sau ɗaya ko biyu alhali tana ci tana sha daban ne da amai da zawo babu tsayawa, baki a bushe, fitsari ya ragu, musamman a zafin bazarar Katsina. A irin wannan hali maganin kan taru a jini ya jawo tsamin jini. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa. Ki ce mata: "Ranar da ruwa ya ƙi zama a cikinki, ki ajiye maganin, a kira likita." In ta soma haki, ga murɗawar tsoka, ga kasala mai tsanani, a tafi asibiti nan take, a riƙe kwalin.

Ki ƙara mata da maganar gwajin ƙoda aƙalla sau ɗaya a shekara, da sanar da likita kafin tiyata ko hoton da ake yi wa allurar rini. Maganar azumi kuwa, likita ne zai sauya mata lokutan sha, a je masa tun cikin Sha'aban.