Dokar jerin 1/n^p da sharuɗɗan gwajin intigiral

Idan aka jera lambobi marasa iyaka ana tarawa, ɗayan biyu ne: ko dai jimlar ta yi ta kusantar wani adadi guda, sai mu ce jerin ya taru, ko kuwa ta kasa tsayawa ko'ina, sai mu ce ya watse. Ga jerin `1 + 1/2^p + 1/3^p + ...` dokar gajeriya ce. Idan `p > 1` jerin ya taru. Idan `p ≤ 1` ya watse.

Inda ɗalibai suka fi tuntuɓe shi ne kan iyakar, wato `p = 1`. Lambobin `1/n` suna ƙanƙancewa har su kusanci sifili, sai ido ya ɗauka dole jimlar ta tsaya. Ba ta tsayawa. Nicole Oresme ya tabbatar da haka tun ƙarni na 14. Hawan nata ne yake da nawa ƙwarai, don sai an tara lambobi 12,367 kafin jimlar ta haura 10. Saboda haka duk wanda ya dogara da na'urar lissafi a nan, za ta ruɗe shi.

To daga ina dokar ta fito? Daga gwajin intigiral. A ɗauki fankshin `f` wanda `f(n)` ita ce lamba ta `n` a jerin. Daga wani wuri `N` zuwa gaba, ana so `f` ya cika sharuɗɗa uku: ba ya yankewa, yana sama da sifili, kuma yana raguwa. In sun cika, to jerin da intigiral na `f` daga `N` zuwa `∞`, wato filin da ke ƙarƙashin layin `f` a zane, makomarsu ɗaya, ko su taru tare ko su watse tare. Dalili kuwa a zane yake. Kowace lamba tamkar matakala ce mai faɗin 1 da tsayin `f(n)`. Tunda layin gangarowa yake yi, tsakanin `n` da `n+1` ba zai wuce `f(n)` ba, ba kuma zai yi ƙasa da `f(n+1)` ba, sai filin da ke ƙarƙashinsa ya matse tsakanin matakalai biyu. Ga `1/x^p`, intigiral daga 1 yana ba da `1/(p-1)` idan `p > 1`, idan `p = 1` kuma `ln x` ne ke fitowa, wanda ba shi da iyaka. Haka ma yake watsewa idan `p` na tsakanin 0 da 1. Idan `p ≤ 0` ba a ma bukatar gwajin, domin lambobin ba sa kusantar sifili.

A ganina sharaɗin raguwa shi ne ƙashin bayan gwajin, kuma shi aka fi tsallakewa. Duba `f(x) = 1/x² + sin²(πx)`. Ba ya yankewa, yana kuma sama da sifili. A kan kowace cikakkiyar lamba `sin(πn)` sifili ne, saboda haka jerin ya koma `1/n²` kawai, wanda ya taru. Amma tsakanin kowace lamba da mai bi mata layin yana tashi ya yi tudu mai filin 1/2, tuddan kuma ba sa ƙarewa, sai intigiral ya watse. Wanda bai duba raguwa ba zai yanke hukuncin da ba daidai ba, alhali lissafin intigiral ɗinsa babu kuskure ko ɗaya.

Yanzu ga yadda ake dubawa, da jerin `ln(n)/n`. Fankshin `ln(x)/x` ba ya yankewa, kuma yana sama da sifili idan `x > 1`. Raguwa fa? Lamba ta 2 kusan 0.347 ce, ta 3 kusan 0.366, wato hawa aka yi. Sai a nemo gangarar layin: `f'(x) = (1 - ln x)/x²`. Wannan yana ƙasa da sifili ne kawai idan `x > e`, kusan 2.718. Wannan bai ɓata gwajin ba, sai dai a fara daga `N = 3`, domin cire lambobi ƙidayayyu daga farko yana canza jimla amma ba ya canza taruwa ko watsewa. Intigiral ɗin kuwa `(ln x)²/2` ne, yana hawa ba iyaka, don haka jerin ya watse. A rubuta "daga 3 zuwa gaba" ƙarara a cikin amsa, kada a bar mai karatu ya zata daga 1 aka fara.

Akwai kuma kuskuren ɗaukar amsar intigiral a matsayin jimlar jerin. Ga `p = 2` intigiral daga 1 ya ba da 1 daidai, amma jimlar, kamar yadda Leonhard Euler ya gano, `π²/6` ce, kusan 1.645. Abin da zanen matakalan ya ba mu shi ne iyakoki kawai: jimlar tana tsakanin intigiral ɗin da intigiral ɗin haɗe da lambar farko, a nan tsakanin 1 da 2.