Cire bango mai ɗauke da nauyi

Bango mai ɗauke da nauyi shi ne wanda rufi, dakin na kankare ko ginin sama ya hau kansa, yana sauke nauyin zuwa harsashi. Sauran bangwaye raba ɗakuna kawai suke yi. Kafin a fasa bango don faɗaɗa falo ko haɗe shaguna biyu, wajibi ne a san wane iri ne.

Kauri alama ce, amma ba hujja ba ce. A Najeriya an saba ɗora nauyi a kan bulo mai inci 9, a raba ɗaki da mai inci 6, sai dai magina da yawa suna ɗora rufi a kan mai inci 6 don rage kuɗi. Abin dogaro shi ne a buɗe silin a leƙa. Idan katakan rufi sun gitta bangon suna zaune a kansa, yana ɗauke da nauyi. Haka ma idan akwai wani bango daidai saitinsa a bene, ko kawunan azara sun shige cikinsa a ɗakin soro. A gidan dakin akan kankare filasta a ga ko akwai bim, wato dogon kankaren da ke kwance yana ɗaukar dakin, da ginshiƙai, kuma nan injiniya ne ke yanke hukunci.

A ɗauki misalin ƙofa mai faɗin mita 2.4. Ba a taɓa bulo ko ɗaya sai an tokare sama. Ana huda ramuka a saman inda linta, wato kankaren da ke gitta saman ƙofa, za ta zauna, tazarar da ba ta wuce mita ɗaya ba, a zura ƙarfe ko katako mai kauri ya fito ta ɓangarorin biyu. Kowane kai sai a tokare shi da sandar ƙarfe mai zare, a tsaye cak, ƙafarta a kan faffaɗan katako don kada ta huda daɓe. Sandar da ta karkace ba ta ɗaukar abin da aka zata, kuma a nan ake yawan ganganci.

Daga nan a yanke gurbin linta. Dole ta hau bango aƙalla santimita 15 a kowane gefe, wato tsawonta ya kai mita 2.7, a kuma cike ramukan bulon da za ta zauna a kai da kankare. Rodin da ke aikin gaske na ƙasa ne, domin can linta ke son tsagewa idan ta lanƙwasa. Kankare yana kai ƙarfin da ake lissafi da shi a kwana 28, don haka ba a gaggawar cire tokara. Idan lokaci ya yi, a sassauta su ɗaya bayan ɗaya. Tsaga da ta tashi a karkace daga kusurwar ƙofar, ko ƙofar bene da ta fara cijewa, alama ce ginin ya fara sauka ƙasa, sai a mayar da tokara nan take.