Sassauƙar doka a hulɗar ƙasa da ƙasa

Sassauƙar doka ita ce sanarwa, ƙuduri ko ƙa'idojin jagora da ƙasashe ke amincewa da su ba tare da sun zama wajibi a kansu ba. Ana gane ta daga tsarinta. Yarjejeniya tana da sashen da ke fayyace yadda ƙasa za ta tabbatar da ita da ranar da za ta fara aiki, kuma lafazinta na "wajibi ne". Sanarwa ba ta da wannan sashe, lafazinta na "ya kamata" ne, kuma ba a kai ƙasa kotu don saɓa mata ita kaɗai.

Misalin da ya fi kusa da mutanen Damagaram shi ne na ƴan gudun hijirar cikin gida, kamar waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da garuruwansu a jihar Difa. Yarjejeniyar ƴan gudun hijira ta 1951 ba ta shafe su ba, don ba su tsallake iyaka ba. A 1998 Francis Deng, wakilin babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, ya gabatar da ƙa'idoji 30 na jagora a kansu. Babu ƙasar da ta sa musu hannu. Ƙarfinsu ya zo ne daga inda aka tsamo su: akasarinsu dokokin yaƙi da na kare haƙƙin ɗan Adam ne da ƙasashe suka riga suka ɗaure kansu da su, aka tattara wuri guda. Gwamnatin da ta ƙi su sai ta bayyana wanne ta ƙi, abin da ba kowa ke son yi a bainar jama'a ba.

Daga nan abin ya bi mataki-mataki. Taron shugabannin duniya na 2005 ya amince da su a matsayin muhimmin tsari. A 2009 Tarayyar Afirka ta zartar da Yarjejeniyar Kampala, wadda ta ɗauko ma'anar ɗan gudun hijirar cikin gida daga ƙa'idojin kusan kalma da kalma; ta fara aiki a Disamba 2012 bayan ƙasashe 15 sun tabbatar da ita. A Disamba 2018 Nijar ta kafa dokarta ta gida a kai, ƙasa ta farko a Afirka da ta shigar da yarjejeniyar cikin dokokinta ta haka. Tafiyar ta ci shekara 20.

Ba kowace sanarwa ke kaiwa can ba. A 1996 Kotun Duniya ta ce ƙudurorin babban zauren Majalisar kan iya nuna tasowar dokar al'ada, wato dokar da ke fitowa daga abin da ƙasashe suka saba yi suna ɗaukarsa wajibi, amma waɗanda suka haramta amfani da makaman nukiliya ba su kai ba, saboda ƙasashe da dama sun kaɗa ƙuri'ar ƙi ko sun ƙaurace. Sanarwar Abuja ta 2001 kuwa, wadda shugabannin ƙasashen Afirka suka fitar, ta nemi a ware aƙalla kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga kiwon lafiya, amma ƙasashe kaɗan ne suka cika. Ita kuɗi ta nema daga baitulmali kowace shekara, kuma babu wata tsohuwar doka da ta jingina da ita.