Don Allah a daina farawa daga gida na ɗaya

'Yan'uwana masu zagayen gida-gida a Garwa da kewaye, sannunku da rana. Na san wahalar da kuke sha, amma akwai abin da ya ishe ni. Takardun binciken gidan sauro da kuke kawo mini, kusan duk wadda na buɗe sai in ga an fara daga gida na ɗaya. Wa ya ce ku fara daga nan?

Ga yadda aikin yake. A ce rajistar unguwa tana da gida 600, mu kuma 60 za mu shiga. A raba 600 da 60, a sami 10. Wannan ita ce tazara. Gidan farawa kuwa ƙuri'a ce ke fitar da shi, ba son ranka ba. Rubuta 1 zuwa 10 a 'yan takardu, ka nannaɗe, yaro ya ɗauki ɗaya. In babu takarda, zaro kuɗin sefa daga aljihu ka dubi lambar ƙarshe ta jikinsa, sifili ya zama 10. In 7 ta fito, gidajenka su ne 7, 17, 27, har zuwa 597. In ka fara daga 1 don sauƙi, gida tara cikin kowane goma ka hana su damar shiga tun kafin ka fita. Minti biyu fa ƙuri'ar nan take ci!

Amma ko ƙuri'ar ba ta isa ba in rajistar tana da tsari a ɓoye. Na ga wadda aka rubuta gida goma a kowane shafi, kuma kowane shafi daga bakin titi ya fara, ya gangara zuwa ƙarshen lungu. Tazara 10, gida 10 a shafi. Da aka fara daga 1, sai 11, 21, 31, duk gidajen bakin titi, waɗanda masu rabon gidan sauro ke fara isa. Rahoto ya dawo wai kowa na da gidan sauro, alhali yaran can cikin lungu suna kwana sauro na cinsu. Da ƙuri'a ta ba da 10 ma, ƙarshen lungu kaɗai za a gani, a ce ba wanda ya samu. Haka rajistar asibiti: wanda ke ɗaukar rana ɗaya cikin bakwai zai yi ta faɗawa kan rana guda a mako, wataƙila ma ranar kasuwa.

Alamarsa ba ta da wuya. In gidajen da ka shiga duk sun yi kama da juna, tsaya.

Kafin ku fita:
Ku tambayi wanda ya rubuta rajistar ta ina ya fara, ta ina ya bi.
In tsarin goma-goma ne, kada tazara ta zama 5, 10 ko 20. Ku ɗauki 9: daga 4 sai 13, 22, 31, 40, kuna ratsa titi da lungu duka. Gida 67 za ku shiga maimakon 60.
Ku rubuta tazara da lambar ƙuri'a a saman takarda. Wadda ba ta da su, zan mayar wa mai ita.