Hanyoyi uku na ƙiyasta kuɗin aiki: kwatance, ma'auni da dalla-dalla

Ƙiyasin kuɗin aiki shi ne lissafin abin da aiki zai ci tun kafin a fara shi. Masu tsara ayyuka na amfani da manyan hanyoyi uku: ƙiyasin kwatance, ƙiyasin ma'auni, da ƙiyasin dalla-dalla wanda ake ginawa daga ƙasa zuwa sama. Abin da ke sa a ɗauki wannan a bar waccan shi ne yawan bayanin da ke hannu a ranar lissafi. Wanda ba shi da zane ba zai iya ƙirga bulo ba, wanda kuma zane ya kammala a gabansa bai kamata ya tsaya ga kwatance ba.

Misali ɗaya zai bi maƙalar har ƙarshe: katangar makaranta a Maradi, tsawonta mita 200, tsayinta mita 2, da ƙofar ƙarfe guda. Farashin da ke ciki na misali ne, a kuɗin sefa.

Ƙiyasin kwatance

A nan ana neman aiki ɗaya da aka riga aka gama mai kama da sabon, a ɗauki kuɗin da ya ci, a gyara gwargwadon bambancinsu. A ce shekara biyu baya an yi katanga mai mita 150 a wata unguwa, ta ci 6,000,000. Sabuwar ta fi ta da kashi ɗaya cikin uku, sai kuɗin ya zama 8,000,000. In kaya sun tashi da kashi 10 cikin 100 tun lokacin, an kai 8,800,000. Awa guda ta isa wannan lissafi, shi ya sa ya dace da matakin farko, lokacin da kwamitin iyaye ko ma'aikatar magajin gari ke son sanin ko aikin abin tunkara ne.

Rauninsa shi ne komai ya rataya a kan aiki guda. Dole a tabbatar adadin da aka ɗauko kuɗin da aka kashe ne a ƙarshe, domin wanda aka rubuta a takardar kwangila sau da yawa bai kai shi ba. Dole kuma a tambayi ƙasar wurin: katangar da aka kafa a kan tudu ba ta zama ma'aunin wadda za a kafa kusa da fadamar Gulbi, inda harsashi ke buƙatar ƙarin zurfi. Tsohon farashi ma kan mutu dare ɗaya, kamar yadda ya faru a watan Janairun 1994 da aka rage darajar sefa da rabi.

Ƙiyasin ma'auni

Wannan hanya tana tattara ayyuka da yawa, ta fitar da dangantaka tsakanin kuɗi da wani abu mai aunuwa: mita ga katanga, murabba'in mita ga aji, zurfi ga rijiyar burtsatse. A ce ofishin injiniya yana da bayanan katangu 12, an daidaita farashinsu zuwa na bana, aka samu wannan:

```
C = 900000 + 37000 × L
```

C shi ne kuɗi, L tsawon katanga a mita. Da mita 200, an samu 8,300,000. Wancan 900,000 na farko kuɗi ne da ba ya bin tsawo: ƙofa, jigilar kayan aiki, rumfar ajiyar siminti. Shi ne abin da kwatance ke ɓoyewa. Katanga mai mita 20 za ta ci 1,640,000, wato 82,000 kowace mita, alhali mai mita 200 ta tsaya a 41,500.

Lissafin yana aiki ne kawai cikin iyakar ayyukan da aka ciro shi daga gare su. In duka katangun 12 masu tsayin mita 2 ne, ba shi da abin faɗa game da mai mita 3, wadda ke buƙatar ginshiƙai masu kauri saboda iska. Ana gwada shi ta hanyar cire aiki ɗaya daga cikin bayanan, a sake lissafi da sauran, a ga ko zai hango kuɗin wanda aka cire. Hanyar ta fi dacewa da hukuma ko ƙungiyar da ke maimaita aiki iri ɗaya a garuruwa da yawa, kamar azuzuwa daga Tasawa zuwa Dakwaro, matuƙar an ware kuɗin jigila daban. Haka take aiki a wasu fannoni: tsarin COCOMO da Barry Boehm ya fitar a 1981 yana ƙiyasta aikin rubuta manhaja daga yawan layukanta.

Ƙiyasin dalla-dalla

Nan sai an samu zane. Ana kasa aikin gida-gida, a auna kowane kaso, a sa masa farashi, a haɗa.

Fuskar katangar murabba'in mita 400 ce. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin 20 yana shiga 12 da rabi a kowane murabba'i, wato 5,000. Da ƙarin kashi 5 cikin 100 na fashewa, 5,250. A kan 350 kowanne, 1,837,500. Kankaren harsashi da ginshiƙai 51, ɗaya a kowace mita 4, da ɗamarar sama ya kai kubik 27. In ana zuba kilo 350 na siminti a kubik, buhu 7 ke nan mai kilo 50, kimanin buhu 190 gaba ɗaya. Jera bulo da shafe ciki da waje za su ci wajen 110. Buhu 300 a kan 5,000 ya zama 1,500,000. Rodi mai kaurin milimita 10, huɗu-huɗu a ginshiƙai da ɗamara, ya kai mita 1,371. Sanda ɗaya mita 12 ce, kuma da ƙarin kashi 10 na haɗin baki da guntaye ana buƙatar 126, a kan 4,000, wato 504,000. Yashi, tsakuwa, ruwa, katako, zobba da waya, ƙofa da ladan magina da leburori sun tashi 3,600,000. Jimilla 7,441,500. Da kashi 15 na hidimar ɗan kwangila da ribarsa, kusan 8,560,000.

Wannan ce hanyar da ake kiran kwangila da ita, ake sayen kaya, ake biyan ɗan kwangila mataki-mataki. Kuskurenta yawanci ƙasa yake ja, domin abin da aka manta ba ya fitowa a takarda ko kaɗan. Ruwan shayar da kankare, mai gadi, kwashe ƙasar haƙa da haraji su ne aka fi mantawa. Akwai kuma haɗarin da ke bugun layuka da yawa tare: buhun siminti ya ƙaru da 1,000, nan take 300,000 sun hau, sannan mai buga bulo shi ma ya ƙara nasa. A gari kamar Maradi, inda kaya da yawa ke shigowa daga Najeriya ta Dan Isa, rufe iyaka ko motsin naira kan jawo hakan, don haka takardar ƙiyasi ta ɗauki kwanan wata da wa'adin da farashin zai tsaya.

Haɗa su a aiki ɗaya

Ƙungiyar ƙwararrun ƙiyasin kuɗin ayyuka ta AACE International ta kasa ƙiyasi aji biyar. A jagorarta ta ayyukan masana'antu, aji na 5, na farkon tunani, kuɗin gaskiya na iya yin ƙasa da shi da kashi 50 ko ya haura da kashi 100. Aji na 1, mai cikakken zane, iyakarsa kashi 10 ƙasa da 15 sama. Saboda haka ƙiyasin kwatance ya kamata a faɗe shi da tazara, "tsakanin miliyan 7 da 11", maimakon adadi guda da mutane za su riƙe kamar alkawari.

A misalin katangar, hanyoyin uku sun ba da 8,800,000 da 8,300,000 da 8,560,000, tazarar kimanin kashi 6 cikin 100. Da dalla-dalla ya fito 6,500,000, abin yi shi ne a koma jerin kaya a nemo abin da ya ɓace, ɗamara ce ko shafen baya ko ribar ɗan kwangila, kafin a miƙa takardar ga mai biyan kuɗi.